Manyan Kifayen Salamata

A bakin filin da manyan motoci ke kwana a Zongon Wagadugu akwai wata rumfar kwano mai benci uku da teburi ɗaya. Nan Salamata take sayar da shinkafa da miya da soyayyen kifi, tun daga hantsi har bayan azahar. Ta haura shekara ashirin tana wannan sana'a. Ba a nan ta fara ba. A tsohuwar unguwarsu ta cikin gari ta fara, kusa da Peuloghin, a ƙofar gidan mahaifinta, mutumin Tawa da ya zo fataucin goro ya auri Bamosa, ƴar ƙasar, ya zauna. A wancan zamani kifin ruwan daɗi ake soyawa, karfasa da tarwaɗa da ake kawowa daga madatsun ruwa, wani lokacin ma da sauran motsinsu. Da aikin gwamnati na sake gina tsakiyar gari, wanda ake kira ZACA, ya ci gidajen unguwar, maƙwabta suka watsu, wasu Dassasgho, wasu can bayan gari. Ita ta ɗauko tukwanenta da kaskonta ta biyo direbobi, domin mijinta Ishaku direba ne, kuma abokan aikinsa su ne masu cin abincinta tun farko. Ishaku ya rasu bayan ƙaura da ƴan shekaru. Rumfar ta ciyar da gida, ta biya kuɗin lakwal, wato makaranta, ta aurar da ƴa ɗaya tilo, Nazifa.

Salamata ba ta yi karatun boko ba, ba ta kuma yawan magana. Abu ɗaya aka santa da shi. A garin nan, idan kaya suka yi tsada, mai abinci ba ta ƙara kuɗi, sai dai ta rage. Kwanon shinkafa ya ɗan faɗa, ludayi ya ƙanƙance, yankan kifi ya sirance har ana hango hasken rana ta cikinsa, kuɗi kuma yana nan yadda yake. Salamata ba ta yin haka. Kifi ɗaya yanka uku take yi masa, kai da tsakiya da wutsiya, kuma tana barin tsoka mai kyau a jikin kan don kada mai cin kai ya ce an cuce shi. Sau biyu a tsawon shekarun nan ta ƙara kuɗin yanka, kuma duka biyun ta faɗa da bakinta mako guda kafin ranar. Amma yankan kansa bai taɓa raguwa ba. Direban da ya tafi Lome ko Kwatano ya yi wata biyu, in ya dawo abin da ya bari shi yake tararwa. Da wannan ake kwatanta ta. Idan wata mai abinci ta rage, sai a ce mata ta je ta ga na Salamata.

Da kifin ruwan daɗi ya fi ƙarfin aljihun direbobi, sai ta koma kifin teku mai ƙanƙara da ake kira shinshar, wanda ke zuwa cikin kwali. Ba ta sayen kwali, ba ta da inda za ta ajiye shi. A kasuwar unguwa take saye, wurin wata dattijuwa, Nana, wadda ke sarin kwali biyu kowace safiya, ta fasa, ta bar shi ya saki, ta baje a faranti tana sayarwa da ƙidaya: huɗu jika ɗaya, wato sefa dubu. Nana ba ta da sikeli, ba ta taɓa mallakarsa ba.

A cikin kwali ɗaya kifaye ba sa zuwa daidai. Akwai waɗanda suka ɗan ɗara, akwai waɗanda suka ɗan gaza, kuɗinsu kuma ɗaya ne a farantin Nana. Saboda haka duk gwanintar mai saye tana cikin zaɓe. Salamata ce ke fara zuwa, kuma tsakaninta da Nana akwai wata al'ada da ba su taɓa zama sun tsara ta ba: ba a taɓa faranti sai Salamata ta zaɓa. Takan tsuguna, ta juya kifi, ta danna bayansa da babban yatsa, ta buɗe kunnensa ta duba ja ne ko ya dushe, ta ɗaga biyu a hannu biyu ta ajiye wanda ya fi sauƙi. Na jika goma take ɗauka, kifi arba'in, kuma duk manyan kwalin a daronta suke ƙarewa. Nana ta ɗora mata biyu gyara. Ƙananan da suka rage matan gida ne ke saye, masu neman na miyar dare, waɗanda ba su da ta cewa. Nana ta san abin da take bayarwa. Ta kuma san jika goma kullum, rani da damina, kafin rana ta ɗaga, ba kowa ke samunta ba.

Bara waccan, ɗan yayarta Rashidu ya buɗe shagon kifi a bakin titi. Rashidu haihuwar gari ne, ya yi karatu har ya yi aiki a wani kamfanin shigo da kaya, sannan ya haɗa abin da ya tara ya sayi firji biyu manya da sikeli mai lambobi masu haske. Yaro ne mai ladabi, mai son a yi komai a bayyane. Ya zo rumfa ya gaishe ta, ya ci shinkafa, ya tambaye ta yadda take sayen kifi. Da ta faɗa masa, ya roƙe ta ta ba shi huɗu daga cikin na ranar, ya ɗora ta a bayan babur har shago, ya zuba su a sikeli. Ba su cika kilo ba. Giram ɗari takwas da hamsin suka nuna.

"Kin gani, Tanti," in ji shi. "Ni jika ɗaya kilo ne cikakke. Ba ciniki, ba rantsuwa, lamba ce ke magana. Kullum kina barin kifi shida a kasuwa ba ki sani ba."

Lissafinsa daidai ne a kan abin da ya auna. Abin da bai sa a ciki ba shi ne kifin Nana ya riga ya saki ruwansa kafin a ɗora shi, nasa kuwa da ƙanƙararsa ake awo, kuma ƙanƙara takan ci wani abu a kowane kilo. Bai kuma sa gyara ba, don bai san da ita ba. Da an cire waɗannan biyu, da bambancin ya zama ɗan kaɗan. Amma ba wannan ne ya jawo abin da ya biyo baya ba.

Salamata ta yi kwanaki tana juya maganar. Yayarta ta aiko mata da saƙo cewa yaro ya zuba duk abin da yake da shi, idan na gida ba su saya ba wa zai saya. Wata safiya ta ɗauki daro, ta bi ta bayan kasuwa don kada ta wuce gaban Nana, ta nufi shago. Ba ta sallami Nana ba. Ta yi niyyar yi, sai nauyin bakin ya hana ta, kwana ya yi ta ƙaruwa har abin ya zama ba na faɗa ba.

A shagon Rashidu kifi kala uku ne, kowane da nasa kwali: ƙanana, matsakaita, manya. Matsakaitan su ne irin na Nana, huɗu a kilo. Manyan uku ke cika kilo, kuma sun ɗan fi tsada. Rashidu ya buɗe mata firji ya ce ta zaɓa. Ita kuwa ta yi abin da ta saba yi shekara da shekaru. Ta wuce matsakaita ko kallo, ta zura hannu cikin manya, a cikin manyan ma ta bi tana ɗaga biyu tana ajiye mai sauƙi. Rashidu ya ga ta nufi masu tsada, ya ji kunyar gaya wa ƙanwar uwarsa cewa waɗannan da ƙari. Ya bar mata su a kuɗin matsakaita. Ya auna kilo goma, ta ba shi jika goma. Ta tsaya tana jiran gyara, ya tsaya yana jiran ta ɗauka. Da ya gane, ya yi dariya ya ce sikeli ba ya gyara. Ta ce to Allah ya kyauta, ta aza daro a ka.

Daron ya cika kamar kullum, har ya ɗan fi nauyi. Da idon daro take awo, ba ta taɓa ƙidaya kifi bayan ta bar kasuwa ba, don Nana ce ke ƙidaya tana jefawa. Ta fasa ciki, ta wanke, ta yi wa kowane yanka uku. Yankan ya fito da kauri, tsakiya har tana rufe rabin kwanon shinkafa. Ta ji daɗin ganinsa. A tunaninta ribar kilo ke nan da Rashidu ya faɗa.

Wanda ya fara magana Jibrilla ne, mutumin Ƙonni, wanda ya yi wa Ishaku yaron mota a da, yanzu kuma yana jan tasa tirela. Tun zamanin maigidansa yake kiranta Uwargida, kuma shi kaɗai ke iya tsokanarta ta tanka.

"Uwargida, yau wa za ki aura a cikinmu? Wannan ba kifin ciniki ba ne, na toshi ne."

"Ci ka tashi. Wanda zan aura ba ya lashe kwano."

"To a bar mini kan. Kai irin wannan, ko kan saniya albarka."

Labari ya zaga filin motoci. Masu gyaran taya suka zo, masu dako suka zo, har wasu ma'aikatan wani ofis da ke tsallaken titi suka fara aiko a zuba musu a kwano mai murfi. Kifin da ke kai ta azahar ya koma ƙarewa tun kafin a kira salla. Ta ɗauka yawan mutane ne, kuma da gaskiyarta, mutane sun ƙaru. Ta ƙara kilo biyar. Bayan mako biyu ta sake ƙara biyar. Ta sa kafinta ya yi mata benci na huɗu.

Ga yadda abin yake a lissafi. Jika goma a wurin Nana kifi arba'in da biyu ne, yanka ɗari da ashirin da shida. Jika goma a manyan Rashidu kifi talatin ne, wani lokacin ma ba su kai ba saboda zaɓenta, yanka casa'in. Kuɗin yanka bai canza ba, dala talatin, sefa ɗari da hamsin. Kifi babba ko ƙarami, yanka ukun nan ne dai. Ga shi yanka mai kauri ya fi daɗewa a kasko, ya fi shan mai, ya fi cin itace. Abin da ke saura mata a kan kowane kifi ya ragu har ya kusa zama babu. Kuma duk wanda ya zo don kifi sai an cika masa shinkafa daidai da girman kifin, don ba ta iya ɗora babban yanka a kan ɗan abinci.

Ba ta ga wannan ba, domin kuɗin shinkafa da na kifi da na ruwan sanyi duk gwangwani ɗaya suke shiga, kuma gwangwanin ya fi cika fiye da da. Sai dai ya fi saurin zama fanko. Takan sayi kifi da safe, ta sayi mai, ta sayi itace, ta duba ta ga abin da za ta ware na buhun shinkafa bai taru ba. Ƙarshen watan farko ta cike da kuɗin da Nazifa ta ba ta ajiya. A wata na biyu ta gaza zubin adashi, abin da bai taɓa faruwa da ita ba, har uwar adashi ta zo rumfa da kanta ta ga benci huɗu cike da mutane, ta koma tana cewa Salamata ta samu duniya ta fara raina mutane.

Ta bi komai ɗaya bayan ɗaya. Mai bai ƙara kuɗi ba. Shinkafa tana nan. Ba wanda ke taɓa gwangwani sai ita. Abu ɗaya ne sabo a rayuwarta, sikeli. Ta tuna hirar da ake yi a kasuwa game da masu awo: wanda ke liƙa ƙarfe a ƙarƙashin faranti, wanda ke danna gefe da ɗan yatsa, wanda ke ɗora leda mai ruwa. Ta fara lura da hannun Rashidu idan yana awo. Ba ta ga komai ba. Rashin ganin ya ƙara mata zargi, don lambobi masu haske ba abin da ta iya karantawa a cikinsu sai abin da aka ce mata.

Wata Talata ta biya ta kanti ta sayi kwalin sukari mai ƙwaya, wanda kowa ya san kilo ɗaya ne, ta rufe shi da mayafi. A shago akwai mata uku suna jira. Da Rashidu ya sauke kifin wata daga sikeli, Salamata ta matsa ta ɗora kwalin, ta ce wa wata budurwa mai kayan makaranta ta karanta mata. Budurwar ta ce kilo ɗaya ne da ɗan giram kaɗan, nauyin kwalin kansa. Salamata ta ce a sauke a sake ɗorawa. Aka sake, haka ya nuna.

Rashidu ya sallami matan tukuna. Sannan ya rufe firji ya jingina da shi. Ya ce da ta tambaye shi, da ya kai ta har inda ake duba sikeli a buga masa hatimi. Ya ce wata biyu ke nan yana ba ta manya a kuɗin matsakaita, kowane kilo yana faɗuwa dala ashirin, matarsa ma ta yi masa magana ya ce ta bari, Tanti ce. Ya faɗi wasu kalmomi da Faransanci waɗanda ba ta gane ba, ya share sikeli da tsumma duk da ba abin da ya zuba a kai.

"A gaban mutane, Tanti," in ji shi.

Ta ce kuɗinta ne ke ɓacewa, kuma ba ta san ta ina ba. Ya ce shi ma bai sani ba, amma ba ta nan ba. Ya auna mata kilo ashirin na manya kamar kullum. Ta manta sukarin a kan teburi, ya aika mata da shi rumfa.

Haka ta ci gaba har kwana goma, tana saye, tana soyawa, tana faɗuwa. Ta sayar da ɗan kunnen zinariya ɗaya da ya rage mata na aure ta biya adashi. Ta fara tunanin ko lokacin barin sana'ar ne ya zo, ta koma Dassasgho wurin Nazifa ta riƙa renon jikoki.

Sai aka yi wata safiya motar da ke kawo wa Rashidu kaya ba ta iso ba, manya sun ƙare tun jiya, matsakaita kaɗai suka rage. Salamata ta tsaya a kan firji tana jujjuya su tana tsaki. Ba yadda za ta yi, ta karɓi kilo ashirin. A gida ta ga aikin fasa ciki ya ƙi ƙarewa. Ta saba kafin rana ta kai kan katanga ta gama, ranar har ta wuce tana kan yi. Kwandon da take jera yanka ya cika, ta ɗauko na biyu. A nan ta tsaya da wuƙa a hannu. Ta ware wutsiyoyi gefe ɗaya, ta ƙidaya su biyar biyar. Tamanin da ɗaya. Ta san jiya, a kilo ashirin ɗin nan dai, ba su fi sittin ba, don kaskonta wutsiya goma yake ɗauka kuma sau shida ta zuba.

Ranar kifi ya kai ta har la'asar. Da ta juye gwangwani, kuɗin kifin gobe ya fita, na mai ya fita, na itace ya fita, ga saura. Amma a benci ba a ji daɗi ba. Wani mai gyaran taya ya ɗaga yankansa da yatsa biyu ya tambaya ko uwar kifin ce ta tafi ta bar ƴaƴa. Ma'aikatan ofis suka aiko a tambaya ko kuskure aka yi. Ta ce wa kowa mota ce ba ta zo ba.

Washegari ba ta je shago ba. Ta shiga kasuwa ta ƙofar gaba. Nana na zaune inda take, faranti a gabanta, wata mata mai sayar da aceke, dambun rogon da ake ci da kifi, tana tsugune tana zaɓe. Salamata ta tsaya har matar ta gama, ta ga an ɗora mata biyu gyara. Suka gaisa da Nana gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da jikoki da ciwon gwiwa, ba wadda ta ambaci wata biyu da rabi. Daga baya Salamata ta zauna a kan kwalin da aka juye, ta ba ta labari duka, har da sukari.

Nana ta yi dariya har ta share ido da bakin zane. Ta ce ai ita ma da kilo take saro kwali, kuma tun da take ba ta taɓa yarda a ba ta kwalin manya ba, ko da rangwame, domin ita kawuna take sayarwa. Ta ce mai ɗaukar babba a faranti ya ci riba, mai ɗaukar babba a sikeli ya biya kuɗinsa har ƙaya.

"Ke kuma kin je kina yi wa sikeli wayon da kike yi mini," in ji ta. "Ni ina gani ina ƙyale ki. Shi ina ruwansa."

Salamata ta tambaya ko za ta dawo. Nana ta ce faranti na kowa ne, amma zaɓen farko ta riga ta ba mai aceke, wadda ta zo lokacin da kifi ke kwana yana lalacewa a hannunta, kuma ba za ta karɓe ba. In Salamata na so ta zo bayanta. Salamata ta dubi abin da ya rage a faranti. Ƙananan nan ne da matan gida ke saye. Idan ta yi musu yanka uku, sai sun gaza ko yankanta na da. Ta sayi na jika ɗaya don kada ta tashi hannu banza, ta yi sallama.

Hanya uku ce a gabanta, kuma ta auna kowace a kan hanyarta ta zuwa shago. Ta ci gaba da manya ta yi musu yanka huɗu: lissafi zai fita, amma yanka zai yi faɗi ba kauri, kai kuma zai zama ƙashi zalla, irin abin da ta ƙi yi duk rayuwarta. Ta ci gaba da manya yanka uku ta mai da kuɗi dala arba'in: masu dako da yaran mota ba za su iya ba, su ne kuma ke cin abincinta ko da babu kowa. Ko ta koma matsakaita, yanka uku, dala talatin, daidai abin da take bayarwa kafin ta san shagon Rashidu. Ta ukun ta zaɓa, don a ganinta ba ta rage wa kowa komai ba, ta dai koma inda take.

Ta gaya wa Rashidu daga yau matsakaita, kuma ya riƙa ƙidaya mata su bayan ya auna, in kilo ya kawo ƙasa da huɗu ya canza mata. Ya ce to. Ta ce kuma maganar sukari, a bar ta. Ya ce ya riga ya bari. Tun daga nan yana yi mata awo da ladabi, yana juya mata fuskar sikeli ta gani duk da ya san ba ta karantawa, bai kuma sake zuwa rumfa cin shinkafa ba.

Kamar yadda ta saba in za ta canza wani abu, ta faɗa da bakinta. Ta tsaya a gaban benci ta ce manyan nan kuskure ne, ba za su dawo ba, yanka zai koma yadda yake shekara ashirin. Wani ya ce ai duk mai ragewa haka take cewa. Jibrilla ya ajiye cokali ya ce shi shaida ne, tun yana yaron mota wannan yankan yake ci, ba a rage ko ƙaya ba. Sannan ya duba kwanonsa, ya juya tsakiyar kifin da ke kan shinkafa.

"Amma fa Uwargida, tsakani da Allah, na da ɗin ya fi wannan."

"Shi ne wannan."

"To idona ne ya girma."

Ma'aikatan ofis suka daina aikowa cikin mako. Masu gyaran taya suka koma inda suka fito. Wannan bai dame ta ba, ba nata ba ne dama. Abin da ta lura da shi shi ne wasu daga cikin tsofaffin direbobi, waɗanda suka ci yankan nan shekaru ba su taɓa kuka ba, yanzu sai su ɗaga shi su duba kafin su ci. Biyu ko uku sun koma wurin mai aceke, inda kifin ya ɗan fi girma, don ita ke da zaɓen farko a farantin Nana.

Salamata ta dawo kilo goma. Kifi arba'in, ba gyara. Tana biyan adashi a kan lokaci, ta mayar wa Nazifa kuɗinta kafin azumi. Benci na huɗu ta ba masallacin filin motoci. Rumfar tana nan, ana ci, kuma mai son ya san girman yankanta na shekara ashirin da suka wuce yana iya zuwa gobe ya gani. A filin motoci dai, idan baƙon direba ya tambayi inda zai ci abinci, ana nuna masa rumfar, a ce abincinta da daɗi, kifinta ma ba laifi, sai dai ta rage.